Ba Saye Kuka Yi Ba, Jingina Ce

Wata al'ada ta samu gindin zama a kasuwancin ƙasar nan, muna yi mata tafi alhali ita ke kashe mana fitila. Mutum zai ga kamfani mai kawo kuɗi, ya tafi banki ya ciwo bashin sayensa, ya miƙa kamfanin da bai riga ya mallaka ba a matsayin jingina, sannan ya koma gefe ya bar kamfanin ya biya bashin da guminsa. Ranar miƙa mukulli a ɗauki hoto, jarida ta ce wane ya sayi kamfani kaza da dala miliyan kaza, mu kuma a majalisa mu ce Allah ya sanya alheri, Alhaji ya yi ƙoƙari. Wane ƙoƙari? Ba wanda ke tambayar ko nawa ne ya fito daga aljihunsa. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba su da uzurin cewa abin na Legas ne ko na Turai, domin kamfanin da ke raba musu wutar lantarki da bashin banki aka saye shi, kuma a 2022 bankuna suka karɓe ragamarsa saboda ba a biya ba.

Kafin in zo kan wutar, sai an ga yadda ake ƙulla abin, don a nan ne ake rufe wa mutane ido. Mai saye ba ya cin bashin da sunansa. Sabon kamfani yake yi wa rajista, kamfanin da ba shi da ofis, ba shi da ma'aikaci, ba ya sayar da komai, takarda ce kawai da hatimi. Ya zuba ɗan jarinsa a ciki, banki ya cika sauran, kamfanin takardan nan ya biya mai sayarwa ya karɓi hannayen jarin kamfani na gaske. Banki ba wawa ba ne, ya san kamfanin takarda ba shi da ko kujera, don haka jinginarsa a kan wanda aka saya take sauka: hannayen jarin da aka karɓa, takardar fili, gini, injuna, kayan da ke sito, har basukan da kamfanin ke bin abokan cinikinsa. Yakan ƙara da sharaɗin cewa duk kuɗin ciniki ta asusun da ke hannunsa za su riƙa shiga, ya cire nasa kafin kowa ya taɓa. Daga nan saura a haɗa bashin da inda kuɗi suke. Ko dai a narkar da kamfanin takarda cikin na gaske, bashin ya koma wuyansa kai tsaye, ko a bar su biyu, kuɗi su riƙa hawa sama da sunan rabon riba, da ladan gudanarwa, da rance tsakanin uwa da ɗiya. Kowace hanya aka bi, wanda aka saya shi ke biyan kuɗin sayen kansa. Idan abin ya rushe, gidan Alhaji da gonarsa suna nan lafiya, sai fa idan banki ya dage ya sa shi ya tsaya wa bashin da dukiyarsa, abin da manyan masu saye ke gudu iya ƙarfinsu.

Za a ce ai haka ɗan kabu-kabu ke yi, ya karɓi mashin bashi, ya riƙa biya daga abin da mashin ɗin ya samo masa. Gaskiya ne, ƙashin bayan lissafin ɗaya ne. Amma ɗan kabu-kabu shi ke shan rana, shi ke kwana da yunwa ranar da ba fasinja, kuma idan aka ƙwace mashin shi kaɗai ya rasa. Mashin ba shi da ma'aikata masu jiran albashi, ba manomin da ya ba shi kaya bashi, ba garin da zai kwana cikin duhu idan ya tsaya. Kamfani yana da duk waɗannan, kuma ba a shawarci ko ɗayansu ba ranar da aka ɗora masa bashin.

Mu yi lissafi da abin da muka sani. A ƙaddara akwai injin casar shinkafa a gefen hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, mai shi ya rasu, magada suna son a raba gado, an yi masa kuɗi naira miliyan 500. Ba a bin injin ko sisi. Bayan an cire kuɗin shanshera, gas, albashi, gyara da haraji, yana barin naira miliyan 200 a shekara. Wani ya zo da miliyan 100 tasa, banki ya ba shi miliyan 400 a kan ruwa kashi 25 cikin 100, a biya cikin shekara biyar. Kada a ce na tsawwala, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke bayarwa. A shekarar farko injin zai biya ruwa miliyan 100 da uwar kuɗi miliyan 80, jimla 180, ya rage 20. A ta biyu bashin ya sauko 320, ruwa ya zama 80, a biya 160. Haka zai riƙa sauka, 140, 120, 100, har a gama. Cikin shekara biyar injin ya miƙa wa banki naira miliyan 700, a ciki 300 ruwa ne zalla.

Yanzu a duba aljihun mai saye. Ya sa miliyan 100. Rarar shekaru biyar ta ba shi miliyan 300, ga kuma injin miliyan 500 ya zama nasa ba bashi. Ɗari ɗaya ta zama ɗari takwas. Wanda ya saya da kuɗinsa lakadan ya sa 500, ya kwashi 1,000 a shekara biyar, ga injinsa, ya tashi da 1,500, wato ninki uku. Wannan tazara tsakanin ninki takwas da ninki uku ita ce duk sirrin sana'ar. Ba a ƙara buhu ɗaya a kan abin da injin ke casa ba, ba a ɗauki ma'aikaci ɗaya ba, ba a ƙirƙiro komai ba. An dai sauya wanda ke ɗauke da nauyi. Har gwamnati ma tana tallafawa ba da saninta ba, domin kuɗin ruwa ana cire shi daga riba kafin a yanka haraji, don haka kamfanin da aka danne da bashi harajinsa raguwa yake yi.

To, ina shekarar da ba ta zo da kyau ba? A harkar shinkafa ba sai an yi duba ba. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 masu injin sun ga kasuwa, an buɗe a Disambar 2020, sannan a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Duk wanda ya yi wa injin kuɗi da ribar shekarar rufe iyaka ya yi ciniki da mafarki. A ce abin da injinmu ke bari ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar kawai, daga 200 zuwa 160. Tsohon mai shi da zai ce bana sai a hankali, ya rage hidima, ya jira baɗi. Sabon mai shi yana da biyan 180 a gabansa, da giɓin miliyan 20, kuma banki ba ya jin cewa kasuwa ta faɗi.

Daga ina za a cike giɓin? A nan nake son masu wannan sana'a su dube ni da kyau, domin sun san jerin sarai. Ana fara wa da gyara, tunda inji ba ya kai ƙara: robar ɓare shanshera ta cinye a ce ta ƙara wata ɗaya, janareta ya wuce lokacin juyen mai, rariya ta huje a ɗaure ta da waya. Shinkafa ta fara fitowa da kari da tsakuwa, farashinta ya sauka, giɓin ya ƙaru. Sai a koma kan jarin juyawa, wanda shi ne ran injin casa. Ribar wannan sana'a a kaka ake ƙulla ta, lokacin da shanshera ke da araha a kasuwannin Jega da ƙauyukan Maiyama, mai kuɗi a hannu ya cika sito ya yi ta casa har bazara. Wanda banki ya share wa asusu ba zai cika sito ba, sai dai ya riƙa sayen mota ɗaya mota biyu da tsada, injin ya yi aiki kwana uku ya kwanta kwana huɗu, albashi da kuɗin ruwa kuwa ba sa kwanciya. Mataki na gaba shi ne wanda ya fi ɓata mini rai. A kira dillalai da manoma a ce ku kawo kaya, biya bayan sati biyu. Sati biyu ya zama wata biyu. Manomin da bai taɓa shiga banki ba ya wayi gari yana ba Alhaji rance marar ruwa, marar jingina, marar takarda, don Alhaji ya samu ya biya banki mai ruwa, mai jingina, mai lauya. Albashi ya fara zuwa rabi-rabi. Ƙarshe a sayar da tirela ɗaya daga cikin biyu, ko filin bayan injin, a ce ana gyaran tsari ne.

Ranar da banki ya gaji ya naɗa wanda zai karɓe injin ya sayar, akwai layi, kuma doka ta riga ta tsara shi. Kuɗin fili da gini da injunan da aka jinginar da sunansu na banki ne tun farko. Wasu haƙƙoƙin ma'aikata da haraji suna da fifiko a kan abin da ya rage na kayan sito da makamantansu. Manomi da dillali da mai kawo gas su ne a wutsiya, sai abin da ya saura, kuma injin da aka yi gwanjonsa bayan shekara biyu ba gyara ba ya barin saura. Mai saye ya yi asarar miliyan 100 tasa, ban musa ba, idan bai riga ya zare ta da sunan ladan gudanarwa ba. Amma a auna cacar da ya buga: in ta ci, ɗari takwas tasa ce shi kaɗai, in ta faɗi, ɗari ɗaya ce iyakar asararsa, sauran a raba wa mutanen da ba su san an buga ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda yake ganin injin casa misali ne na ƙirƙira, ya leƙa gidan kallon ƙwallo ranar da Manchester United ke wasa ya tambayi magoya bayanta. A 2005 Ba'amurke Malcolm Glazer ya sayi kulob ɗin a kan kimanin fam miliyan 790. Kafin zuwansa ba a bin kulob ɗin bashi. Bayan zuwansa sama da fam miliyan 500 na kuɗin sayen bashi ne, wani kaso a jingine kan kadarorin kulob, wani kuma daga masu ba da rance mai tsada, ruwansa ya haura kashi 14, yana taruwa a kan uwar kuɗi. Kuɗin tikiti da na talabijin da na riguna, waɗanda da za su tafi sayen 'yan wasa da gyaran fili, suka riƙa tafiya biyan ruwa, kusan fam miliyan 60 a shekara a farkon lamarin. A 2010 aka sake cin wani bashin na kimanin fam miliyan 500 don a biya na baya, magoya baya suka fito da gyale kore da ruwan ɗorawa suna zanga-zanga. Kulob ɗin bai mutu ba, saboda kuɗin shigarsa na da yawa ƙwarai, amma rufin Old Trafford ya kai ga yoyo a idon duniya, iyalan Glazer da sauran masu hannun jari kuwa sun sayar wa Jim Ratcliffe kusan kashi ɗaya cikin huɗu a 2024 da kuɗin da ya haura farashin da aka sayi kulob ɗin gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ake kira nasara a wannan sana'a.

Yanzu mu dawo kan fitilarmu. Lokacin da gwamnatin tarayya ta wargaza tsohuwar hukumar lantarki, ta sayar da kashi 60 na kamfanonin raba wuta, ta riƙe 40. An miƙa yawancinsu ranar 1 ga Nuwamba 2013. Na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, ya makara, sai a Disambar 2014 aka miƙa shi ga Northwest Power a kan dala miliyan 163. Mafi yawan kuɗin da masu sayen kamfanonin nan suka biya daga bankuna ya fito, kuma kaso mai yawa da dala aka ci shi. A nan bashin bai hau littafin kamfanin wuta kai tsaye ba, yana wuyan kamfanin da ya saya, hannayen jari kuma su ne jingina. Amma kamfanin da ya saya ba ya sayar da tumatir ko siminti. Hanyar biyansa ɗaya ce, ribar da za ta fito daga bil ɗin da mai walda a Jega, da mai injin niƙa a Maiyama, da mai hayar ɗakunan ɗalibai a Aliero za su biya. Tun ranar farko a kan aljihunsu aka gina lissafin.

Ga kuskuren da ko ɗan tireda ba zai yi ba. An ci bashi da dala, abokin ciniki da naira yake biya. A ƙarshen 2014 farashin gwamnati naira 168 ne kowace dala, wato dala miliyan 163 ta kama kimanin naira biliyan 27. A 2016 dala ta wuce naira 300, bayan sakin naira a 2023 ta yi ta hawa har ta kai wajen 1,500 a 2024. A wannan farashi, kuɗin sayen nan ya zama kusan naira biliyan 245. Kowace dala da ba a biya ba ta kumbura kusan sau tara, kuma ba kamfanin ne ke yanka farashin wuta ba, hukumar NERC ce. Ƙari a kan haka, abin da aka saya ba Manchester United ba ne mai ambaliyar kuɗi. Kamfani ne mai tsofaffin wayoyi da taransifomomi, mafi yawan abokan cinikinsa ba su da mita, wuta mai yawa tana ɓacewa a hanya ko a sace ta ko a ƙi biyanta. An ma zaɓi masu saye ne bisa alkawarin da kowa ya yi na rage wannan asara cikin shekara biyar. Rage asara kuwa kuɗi yake ci: mita, waya, falwaya, taransifoma. Kamfanin da ke buƙatar a zuba masa jari shekara da shekaru aka miƙa wa mutanen da ke jiran ya zubo musu kuɗin biyan banki.

Abin da ya biyo baya yana cikin sanarwar hukumomi. A Disambar 2021 bankin UBA ya karɓe ragamar kamfanin Abuja. A farkon 2022 hukumar AMCON ta karɓi na Ibadan. A Yulin 2022 bankin Fidelity ya motsa a kan hannayen jarin da aka jinginar na kamfanonin Kano, Benin da Kaduna, na Kaduna kuwa akwai bashin Afreximbank a kansa, aka sauya shugabanninsu da amincewar NERC da hukumar sayar da kadarorin gwamnati, BPE. Bai tsaya nan ba. A Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar daraktocin Kaduna Electric ta naɗa mai riƙo, tana cewa bashin da kasuwar wuta ke bin kamfanin ya kai naira biliyan 110. Wannan bashi na biyu shi ne ɗan'uwan bashin manomin shanshera: an karɓi wuta daga masu samar da ita, an sayar, ba a mayar da cikakken kuɗinta ba. A Fabrairun 2025 rikicin sallamar ɗaruruwan ma'aikata ya kai ga yajin aikin da ya jefa jihohin huɗu cikin duhu. A tsakanin waɗannan shekaru, al'adar da kowa ya sani a ƙasar nan ta ci gaba, taransifoma ta ƙone, mutanen unguwa su yi karo-karo su gyara kayan da ba nasu ba, kayan da NERC da bakinta ta ce gyaransu haƙƙin kamfani ne.

Ba bashin saye kaɗai ya jawo wannan ba, kuma duk wanda ya ce haka ya rage gaskiya. An daɗe ana riƙe farashin wuta ƙasa da abin da ake kashewa wajen samar da ita. Ma'aikatun gwamnati da barikoki suna cikin manyan masu ƙin biya. Mu kanmu akwai masu ratayen waya da dare da masu zagaye mita, wasunsu a sahun gaba a masallaci. Amma duk waɗannan an san da su kafin a sa hannu, su ne ma dalilin da ya sa aka ce a sayar. Aikin jarin mai kamfani shi ne ya shanye irin wannan girgiza, ya ɗauki asarar shekara uku ko biyar yana gyara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya zo da cikinsa a bushe, kuma banki na tsaye a kansa, ba shi da abin ja, kuma ba bankin da zai ƙara ba kamfanin rancen sayen mita alhali bashin farko yana ƙasa.

Akwai kamfanin da zai iya ɗaukar irin wannan ciniki ba ya durƙushe ba. Shi ne wanda kuɗin shigarsa ba ya rawa daga shekara zuwa shekara, ba ya buƙatar babban gyara, yana iya ƙara farashi da kansa, kuɗin da yake samu da kuɗin da aka ranta iri ɗaya ne, kuma abin da yake bari ya haura biyan shekara da tazara mai kauri, a ce ninki ɗaya da rabi. Injinmu 200 ne a kan 180, da ƙyar ya haura ɗaya. A jera waɗannan sharuɗɗa a gaban kamfanin raba wuta na arewa maso yamma a 2014, a nuna mini guda ɗaya da ya cika. Maganar riba kuma malamanmu sun gama ta, ba sai na ƙara ba, sai dai in tunatar da masu ganin sun tsira don sun bi ta bankin da ba ya karɓar ruwa cewa injin bai san sunan kwangila ba. Idan biyan shekara 180 ne, 180 zai fita daga asusunsa.

Doka ta hango wannan tun da daɗewa. Dokar kamfanoni ta 1990, a sashe na 159, ta hana kamfani ya taimaka da kuɗinsa ko kadararsa wajen sayen hannayen jarinsa. Shi ya sa ake zagayowa ta kamfanin takarda da rabon riba. Sabuwar dokar 2020, a sashe na 183, ta sassauta wa kamfanonin da ba na jama'a ba, bisa sharaɗin kada dukiyar kamfanin ta ragu, ko taimakon ya fito daga ribar da ta halatta a raba, masu hannun jari su amince, daraktoci su yi rantsuwa a rubuce. Ƙofa ta ƙara buɗewa ke nan, kuma ƙananan masana'antun garuruwanmu ne a bakinta: gidajen mai, injinan casa, kamfanonin ruwan leda, makarantun kuɗi.

Laifin na mutum huɗu ne, kuma ba zan raba shi daidai ba. Mafi girma na mai sayarwa ne idan gwamnati ce, domin ita aka ba amanar kayan jama'a, ta ƙirga dalolin da suka shigo asusunta ta yi murna, ba ta tsaya a kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: bayan ka biya ni, me ya rage a hannunka da za ka gyara wayoyin? Masu ƙwallon Ingila sun koyi darasi, a 2023 kulob-kulob na gasar Firimiya suka amince kada bashin sayen kulob ya wuce kashi 65 na darajarsa. An yi wa ƙwallo shinge, wutar jihohi huɗu ba a yi mata ba. Bankuna su ne na biyu, sun ba da dala ga mai samun naira da idonsu biyu, suna kallon ladan da za su cira ranar sa hannu, da abin ya lalace kuma suka zama masu kamfanin wuta, sana'ar da ba su iya ba. Mai saye na uku, shi dai ya ga ƙofa a buɗe ya shiga, amma ya daina kiran kansa mai zuba jari. Na huɗu mu ne. Magadan da ke sayar da masana'antar mahaifinsu ga duk wanda ya fi tayi, ba ruwansu da ma'aikatan da suka yi shekara ashirin tare da marigayi, da mu 'yan majalisa masu auna arzikin mutum da girman abin da aka ce ya saya.

Wanda ke ba injin ko gidan mai kaya bashi, kuma ya ji an sauya mai shi, yana da abin dubawa kafin ya sake ɗora buhu a mota. Jinginar da kamfani ya yi wa banki dole a yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 90, kuma lauya na iya bincikowa da kuɗi kaɗan. Jinginar fili tana buƙatar amincewar gwamna a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, don haka tana barin sawu a ma'aikatar filaye da ke Birnin Kebbi. Idan ranar jinginar ta zo daidai da ranar saye, an san da kuɗin wa aka saya. Sauran alamun ba sa buƙatar lauya: an ce duk biya ya koma wani sabon asusu a wani banki, tsohon akanta ya ajiye aiki, kaka ta zo sito bai cika ba, makanike yana ƙorafin ba a sayo kayan gyara, lokacin biya ya tashi daga sati biyu zuwa shida. Dillalin da ya ga biyu daga cikin waɗannan ya koma ciniki hannu da hannu, ko ya rage kayan zuwa abin da zai iya yafewa. Idan kuma dole sai bashi, a rubuta, a sa shaidu, a sa sharaɗin cewa shanshera tasa ce har sai an biya, kuma sabon mai injin ya sa hannu da sunansa na yanka, ba da hatimin kamfani kaɗai ba.